Yadda ake gyara hoton da kwamfuta ta zana ya zama kamar na kyamara

Yawancin masu zanen gidaje da na gani a Yamai, da zarar kwamfuta ta fito musu da hoto sai su garzaya su duhunta gefuna, alhali farin bangon ma bai zauna ba. Daidaita fari shi ne farko. Ina aiki da manhajar gyaran hoto ta GIMP, domin kyauta ce.

Ɗauki hoton gida mai farin fenti a kan jar ƙasa. Ka auna tsakiyar bango da `Color Picker`, ka kunna `Sample average` domin ya haɗa ɗigo da yawa. A ce ka sami ja 236, kore 224, shuɗi 196: tazarar 40 tsakanin ja da shuɗi na nufin rawaya ta yi yawa. Kada ka auna gindin bango, saboda jar ƙasa tana mayar masa da launinta, kada kuma ka auna inuwa, saboda shuɗin sama ne ke haskaka ta. Wurin da ya kai 255, wato ƙarshen ma'aunin, ya ƙone, ba ya gaya maka komai.

A nan ne na taɓa yin ɓarna. Na matsa har lambobin uku suka zama daidai, sai bangon ya yi sanyi kamar ɗakin asibiti, ƙasa ta koma toka, fatar mutumin da ke bakin ƙofa ta yi fari-fari kamar ta wanda ya kwana a hunturu bai shafa mai ba. Mai gidan ya duba ya ce wannan ba unguwarsu ba ce. Tun daga ranar nake shiga `Curves`, in ɗaga shuɗi a hankali, in tsaya idan tazarar ta sauko wajen 10 zuwa 12. Ɗumin da ya rage shi ne ranarmu, kuma idan hoton lokacin hazo ne nakan bar fiye da haka.

Bayan wannan, ka ɗaga ƙasan layin `Value` a cikin `Curves` daga 0 zuwa wajen 8, domin da rana ƙura da hasken da ke yawo cikin madubin kyamara ba sa barin inuwa ta yi baƙi ƙirin. Ka rage ƙarfin launi kaɗan, musamman koren itatuwa, wanda kwamfuta ke zubawa kamar kullum damina ce.

Sai duhun gefe. Ka kwafi shimfiɗar hoton, wato `Layer`, ka sa wa kwafin `Vignette`, ka sauke `Opacity` zuwa wajen 20. Idan mai kallo ya lura da shi, ya yi yawa. Gwajinsa shi ne ka kashe kwafin ka kunna, a nan kaɗai ya kamata ka ga bambanci. `Lens Distortion` kuwa ban cika taɓa shi a hoton gini ba, domin yana lanƙwasa bango. Tsakin `HSV Noise` shi ne na ƙarshe, bayan ka rage girman hoton, in ba haka ba ragewar za ta shafe shi.