Amsa ta yi daidai, kalmomi sun bambanta: kurakuran malamai wajen duba auna fahimta

Malamin da ya duba takarda sittin a zama ɗaya, idonsa kan daina karanta jimla, ya koma farautar kalmomin da ke cikin takardar amsoshin da aka tanada. In ya hango su sai ya ba da maki, in bai gani ba ya ja jan biro. Daga nan yawancin kurakuran suke tasowa. Ga misalin labarin da za mu auna da shi:

"Ana tsakiyar damina ruwa ya ɗauke har kwana ashirin, gero ya fara yaushi. Sai manomin ya sayar da awakinsa biyu ya sayi irin wake, domin wake ba ya daɗewa bai nuna ba."

Tambaya: Me ya sa manomin ya zaɓi wake? Amsar da aka tanada: "Saboda wake yana saurin nuna." Maki biyu.

Wata ɗaliba ta rubuta, "Don ba ya cin lokaci kafin a girbe shi." Babu "sauri", babu "nuna", sai malam ya soke. An zalunce ta, domin abin da labarin ya faɗa ke nan, har ma ta nuna ta gane tunda ba kwafa ta yi ba. Gyaran shi ne, kafin ka taɓa takardar kowa, ka warware amsar da aka tanada zuwa ma'anonin da ta ƙunsa. A nan biyu ne: ana maganar wake, kuma lokacinsa gajere ne. Duk jimlar da ta ɗauko waɗannan ta ci makinta, ko da wace riga ta zo. Haka ma bambancin karin harshe. Yaron Katsina ko Maraɗi da ya ce "hatsi" yana nufin gero bai kauce ba, sai dai in tambayar kan daidaitacciyar Hausa take.

Kishiyar wannan kuskure ta fi wuyar ganewa, don ba wanda zai zo ya yi ƙorafi. Ɗalibi ya rubuta, "Saboda gero yana saurin nuna." Kalmomi huɗu cikin biyar sun dace da takardar amsoshi, ido ya gamsu, maki ya fita. Alhali ya jingina siffar ga amfanin da ba shi ba, ma'ana ta juye. Irin wannan ɓarna takan ɓuya a ƙananan wurare: wa ya yi aikin, akwai "ba" ta korewa ko babu, "wasu" aka ce ko "duka". Ka karanta jimlar har ƙarshe.

Akwai kuma amsar da take da ma'ana a duniya amma ba daga labarin ta fito ba, kamar "Saboda wake ya fi kuɗi a kasuwa." Ɗan manomi zai iya rantsewa a kan haka, kuma ƙila ya fi malamin sanin kasuwa. Duk da haka sifili ce. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: zan iya ɗora yatsa a kan layin da ya goyi bayan amsar? In ba zan iya ba, babu maki.

Wadda ta fi jawo gardama a ofishin malamai ita ce, "Saboda geronsa ya yi yaushi." Wannan tana cikin labarin, ana iya ɗora mata yatsa. Sai dai ta bayyana dalilin da ya sa ya nemi wata mafita ne, ba ta faɗi abin da ya sa mafitar ta zama wake ba. A ganina maki ɗaya ya ishe ta, wani malamin zai ce ko ɗaya ba ta ci ba. Da a ce tambayar "Me ya sa ya sayar da awakinsa?" ce, da sai a buɗe mata ƙofa sosai. Ko wane hukunci aka yanke, kuskuren shi ne a ba ta ɗaya a takarda ta biyar, a hana ta a ta hamsin bayan gajiya ta kama. Don haka ka fara karanta takardu goma ba tare da ba da maki ba, ka rubuta amsoshin da ka karɓa da waɗanda ka ƙi a gefen takardar amsoshi. In wata sabuwa ta ɓullo a tsakiya ta sa ka sauya ra'ayi, koma baya ka gyara na farko.

Sassaucin nan yana raguwa idan aka ce a kawo kalma mai ma'ana ɗaya da wadda ke cikin labari. Ga "ɗauke" a "ruwa ya ɗauke", mai rubuta "tsaya" ya ci, mai rubuta "sace" ya faɗi, ko da yake ɓarawo ma yana ɗauke kaya. Zura kalmar ɗalibin cikin jimlar ka karanta a bayyane. Da wannan gwajin za ka ji "bushewa" ta zarce "yaushi", domin geron da ya yi yaushi yana farfaɗowa in ruwa ya dawo, wanda ya bushe kuwa sai dai a ba dabbobi.