Kurakurai wajen haɗa dabarar haddar illolin magani: misalin magungunan tarin tibi

Duk wanda ya zauna karatun dare a Samaru ana gab da jarrabawar ilimin magunguna ya san al'adar: a tsinko harafin farko na kowane magani, a dunƙule su kalma ɗaya, a yi ta bita. Kalmar takan zauna daram, amma ranar da aka tsaya gaban majinyaci a asibitin koyarwa na Shika sai ta kasa amsa komai. Magunguna huɗun farko na tarin tibi sun isa su nuna inda ake tuntuɓe: rifamfisin, isoniyazid, firazinamaid da itambutol.

Kuskuren farko shi ne dogaro da harafi ɗaya tak. Wani zai ce "I na ido ne", don itambutol yana taɓa jijiyar gani har mutum ya kasa bambance ja da kore. Daidai ne. To amma isoniyazid ma da I ya fara, kuma a ruɗanin jarrabawa sai a liƙa masa ciwon idon. Ga wata: a takardar magani ana rubuta tsarin 2HRZE/4HR, wato wata 2 ana shan duka huɗun, sannan wata 4 ana shan biyu. A nan R ne rifamfisin, E itambutol, amma H ne isoniyazid, Z kuma firazinamaid, saboda haka mai haddar haruffan farko ya ɓata tun a bakin ƙofa.

Gyaran shi ne a kama sautin sunan, a ɗaura masa hoto. Rifamfisin marini ne: yana rina fitsari da gumi da hawaye su koma launin manja. Itambutol kuwa, "ido na tambaya, ja ne ko kore?" Ka ga an samu "i" da "tam" a tare, isoniyazid ba shi da wurin kutsawa. Shi isoniyazid a ji "niya" ɗin tsakiyarsa tana amsa wa "jijiya", domin yana rage wa jiki bitamin B6, sai tafin ƙafa da yatsu su riƙa zafi ko su yi kamar ana tsira musu allura. Dalilin ke nan da ake haɗa shi da firidoksin, wato bitamin B6 ɗin, musamman ga mai ciki da mai ciwon suga da mai ƙanjamau. Firazinamaid kuma, "an zauna fira, gwiwa ta hana tashi": yana hana ƙoda zubar da yurik asid yadda ya kamata, gaɓoɓi su ɗau ciwo. Na san mu nan hira muke cewa, amma aron bakin Sakkwatawa na rana ɗaya ba laifi ba ne.

Kuskure na biyu, cusa tashin zuciya da ƙaiƙayi da ciwon kai cikin kowace dabara. Kusan kowane magani na iya jawo su, ba sa bambance komai, a bar su waje. Illar da magunguna suka yi tarayya a kanta kuwa layinta daban: "uku na dukan hanta, itambutol na kallo". Layi ɗaya ya wadatar, kuma ya dace da hoton idon da aka riga aka ba shi.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku, wato dabarar da ta jera illoli kafaɗa da kafaɗa ba ta nuna wadda ke da haɗari ba. A ce wata mata ta dawo asibiti a mako na uku da fara magani, hankali a tashe, ta ce, "Likita, fitsarina ya canza kala." Mai haddar "marini" kaɗai zai ce, "Ba komai Hajiya, aikin maganin ne." Wataƙila haka ne. Amma sai an duba farin idonta, an tambaye ta amai da ƙin abinci. Idan fitsarin launin manja ne, ido fari tas, tana cin abincinta, a kwantar mata da hankali ta ci gaba da sha. Idan ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, shawara ce, layin hanta ya shigo, kuma abin yi shi ne dakatar da magungunan a auna hantar. Haka dusashewar gani, ba a jira da ita, itambutol ake tsayarwa.

Saboda haka nakan sa wa kowace illa alama a katina: ɗigo ga wadda ake lallashi a ci gaba, jan layi ga wadda ake tsayar da magani. Marinin ma nakan ƙara masa rabin layi, "yana rini, yana kora", don yana zaburar da hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, har ƙwayoyin tazarar haihuwa su rasa ƙarfi. Matar nan tana buƙatar jin wannan kafin ta tashi.

Gwajin dabara kuma daga baya ake yin sa. Bayan kwana biyu ka ba abokin karatunka katin, ya faɗi kukan majinyaci, "ƙafata na zafi da dare", kai ka kawo sunan maganin da abin da za a yi. Layin da ka tsaya kana laluɓe a kansa, shi za ka sake ginawa a daren.