Yadda manaja zai yi wa yaransa jawabi idan cinikin wata uku bai kai ba

Idan wata uku suka cika aka rufe littafi, ciniki bai kai adadin da aka yanka ba, kowa a ofis ya riga ya sani tun kafin manaja ya buɗe baki. Masu fita da kaya sun sani, mai sito ya sani, direba ma ya sani, domin shi ne yake dawowa da saura a mota. Saboda haka ba labari za ka ba su ba. Abin da suke jira su ji shi ne wa za a ɗora wa laifi, me zai faru da kamashonsu, kuma me za su yi ranar Litinin da safe. Jawabin da ya amsa waɗannan ukun shi ne yake tayar da mutane. Wanda bai amsa su ba, ko da an tafa masa, kafin la'asar ya bi iska.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kai ne manajan sayarwa a wajen wani dila a Kano, kuna raba taliya da sabulu da man girki ga shaguna, daga kewayen kasuwar Singa har zuwa garuruwan da ke wajen birni. Kana da yara 8 masu fita. An yanka muku katan 24,000 daga Yuli zuwa Satumba, kuka sayar da 20,400. Giɓin katan 3,600 ke nan, wato kun kawo kashi 85 cikin 100.

Mataki na farko: fasa giɓin kafin ka tara kowa

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne manajoji suka fi tsallakewa. Ka zauna da littafin sito, da rasitai, da littafin bashi, da takardar fitar motoci, ka tambayi kowane katan da ba a sayar ba inda ya maƙale. A misalinmu, a ce ka gano cewa taliyar da aka fi nema ta yanke a sito na kwana 9 a watan Agusta, wannan ya ci katan 1,500. Motar da ke bin hanyar Wudil ta kwanta a gareji sati biyu, an rasa kasuwar Juma'a sau biyu, katan 900 suka tafi. Manyan kwastomomi uku an tsayar da ba su kaya saboda bashinsu ya wuce ƙa'ida, katan 700. Ragowar 500 kuwa daga raguwar zagaye ne, yara sun daina shiga wasu shagunan da suka saba shiga.

Ka duba abin da lissafin ya nuna. Katan 2,400 daga cikin 3,600 ba daga hannun yaranka suka zube ba, daga sito ne da gareji. Da ka shiga taro da faɗa kana cewa sun yi lalaci, da ka zalunce su a kan kashi biyu cikin uku na giɓin, kuma sun san haka sarai ko da ba wanda zai ɗaga kai ya faɗa maka. Wani lokaci lissafin yakan fito akasin haka, ya nuna yawancin giɓin daga sakacinsu ne. To shi ma sai ka faɗa. Abin da ba a so shi ne ka shiga da zato.

Ka kuma yi hankali da uzurin damina. Gaskiya ne daga Yuli zuwa Satumba kuɗin mutanen karkara yana gona, ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago, hanyoyi kuma suna lalacewa. Amma damina ba baƙuwa ba ce, kowace shekara tana zuwa. Ka ɗauko cinikin waɗannan watanni na bara ka kwatanta. Idan bara ma haka ciniki ya faɗi, to wanda ya yanka adadin ne bai yi la'akari da lokaci ba, kuma wannan magana ce tsakaninka da maigida, ba ta taron yara ba.

Mataki na biyu: gana da waɗanda suka fi faɗuwa su kaɗai

Kwana ɗaya kafin taron, ka kira mutum biyu ko uku da cinikinsu ya fi yin ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ka rufe ƙofa. Ka nuna wa kowa lambarsa, ka ji daga bakinsa. Ka tabbatar masa ba za ka kira sunansa a gaban jama'a ba. Magidancin da aka tozarta a gaban sa'o'insa ba ya ƙara ƙwazo, neman wani aikin yake farawa, kuma idan ya tashi tafiya da kwastomominsa yake tafiya. A irin wannan zaman ne kuma kake jin abin da ba ya cikin littafi, kamar wani dila ya shigo yankin yana karya farashi da naira ɗari biyu a katan.

Mataki na uku: lokaci da wuri

Safiyar Litinin, kafin a yi lodi, minti 15 zuwa 20. Kada ka sa shi da yamma bayan sun sha rana, kada kuma ya zama Juma'a da hantsi hankali yana masallaci. Ka kira mai sito da direbobi su ma su tsaya, tunda rabin maganar ta shafe su. Idan maigida yana so ya halarta, ka roƙe shi ya bari sai wani zaman, domin a gabansa ba wanda zai ce komai sai «haka ne, ranka ya daɗe».

Mataki na huɗu: jawabin kansa

Bayan sallama da gaisuwa, faɗi lambar kai tsaye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga nan ka ɗauki naka kason kafin ka miƙa wa kowa nasa. Ga yadda zai iya fita:

«Jama'a, an ce mu sayar da katan 24,000, mun sayar da 20,400. Ba mu kai ba, kuma ba zan yi muku kwana-kwana ba. Na zauna na bi giɓin. Katan 1,500 sun tafi ne lokacin da taliya ta yanke, kuma ni ne ban tura oda da wuri ba. Wasunku sun tsaya a gaban kwastoma ba kaya, sun sha kunya a madadina. Ku yi haƙuri. Katan 900 na mota ne, shi ma a wuyan ofis yake. Amma akwai 700 na bashin da muka bari ya taru, akwai 500 na shagunan da muka daina shiga. Waɗannan 1,200 namu ne ni da ku, kuma a kansu nake so mu yi magana.»

Lura cewa manajan bai ce «an samu matsalar kaya» ba, cewa ya yi «ni ne ban tura oda ba». Yara suna jin bambancin nan fiye da yadda manajoji suke tsammani. Amma ka faɗe shi sau ɗaya ka wuce. Idan ka daɗe kana ba da haƙuri, taron zai koma zaman makoki.

Sai ka sauko da lambar daga dubbai zuwa abin da hannu zai iya ɗauka, wannan shi ne zuciyar jawabin. Katan 3,600 dutse ne, ba wanda zai ji a ransa zai iya ɗaga shi. Amma wata uku sati 13 ne, kuna aiki kwana 6 a sati, kwana 78 ke nan. Ku 8 ne, kowa kasonsa na giɓin 450, idan aka raba a kwana 78 bai cika katan 6 a rana ba. Sai ka ce musu:

«Kowannenku yana sayar da wajen katan 33 a rana. Abin da ake nema wajen 39 ne. Tsakaninmu da adadin nan katan 6 ne a rana, shago biyu ke nan masu ɗaukar uku-uku. Ga kaka ta shigo, kuɗi zai dawo hannun mutane. Ni na ɗauki alkawari biyu. Duk ranar Alhamis zan duba sito, abin da bai kai na kwana 10 ba zan tura odarsa a ranar. Idan mota ta kwanta kuma, za mu ɗauki haya kafin kwana biyu. Ku kuma ina so kowa ya kawo mini sunayen shaguna 10 da ya daina shiga, ya koma musu a satin nan.»

Kada ka yi alkawarin da ba ka riga ka karɓi amincewar maigida a kai ba. Hayar motar nan, idan ba a sa maka hannu ba, ka cire ta daga jawabin. Alkawari ɗaya da ya karye ya isa ya kashe duk jawaban da za ka yi nan gaba.

Ka kuma taɓo maganar kamasho da bakinka kafin a tambaye ka. Idan babu na wannan zangon, ka ce babu. Idan ka nemo musu wani abu saboda yankewar kaya ba laifinsu ba ne, ka faɗi nawa ne da ranar da zai shiga. Wanda ke lissafin kuɗin makarantar yara a zuci ba ya jin sauran maganarka sai ya san matsayin aljihunsa.

Yabo kuma ya zama mai suna da lamba. Idan mai bin hanyar Dambatta ya buɗe sababbin shaguna 14 a tsakiyar damina, ka faɗa, ka ba shi minti biyu ya bayyana yadda ya yi. Sun fi yarda da dabarar ɗan uwansu da ke shan rana tare da su.

Mataki na biyar: yi shiru ka saurara

Ka rufe da tambaya guda: «Me zai hana mu samun katan shidan nan?» Sai ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. A nan za ka gane ko jawabin ya shiga. Idan suka fara kawo ƙorafi mai kan gado, wannan ya ce lodi yana kai wa ƙarfe goma, wancan ya ce ana ba shi kayan da ba sa tafiya a yankinsa, to sun ɗauki maganar tasu ce. Ka rubuta a gabansu, ka sa wa kowane ƙorafi ranar da za ka dawo da amsa. Idan kuwa kowa ya sunkuyar da kai aka ce «in sha Allahu, Oga, za mu yi ƙoƙari» aka watse, bai shiga ba, sai ka koma bin su ɗaya-ɗaya.

Akwai haɗari guda da ke biyo bayan jawabi mai zafi. Yara sukan fita su tura kaya bashi ga duk wanda ya miƙo hannu don lamba ta hau, sai ciniki ya yi kyau a Oktoba, a Disamba kuma ka tarar da littafin bashi ya kumbura, kaya suna dawowa. Don haka tun a taron ka faɗa cewa katan ɗin da aka karɓi kuɗinsa ne kawai zai shiga lissafi. Ranar Asabar ta farko kuma ka liƙa takarda a ƙofar sito mai nuna abu uku ga kowane mutum: shagunan da ya shiga, katan ɗin da ya sayar, da kuɗin da ya karɓo. A layin farko na takardar ka rubuta alkawuranka biyu, da ko ka cika su a wannan satin.