Kurakuran da aka fi yi wajen bin sawun rikashin da hannu a jarrabawa

Idan aka ba ɗalibi fankishin mai kiran kansa, wato rikashin, aka ce ya rubuta abin da zai fito a allo ko ƙimar da za a samu a ƙarshe, akasarin makin da ke zubewa daga wuri ɗaya yake zubewa. Ɗalibin yana karanta shirin kamar madauki, yana ganin fankishin ɗaya ne ke ta juyawa, alhali kira da yawa ne ke raye a lokaci guda, kowanne na tsaye a inda ya dakata yana jiran amsa.

Duk lokacin da aka kira fankishin, kwamfuta tana ware masa wani ɗan fili a ma'ajiyarta, ana ce masa firam. A cikinsa ake ajiye ƙimomin da aka miƙa wa kiran, da bariyabul ɗin da ya ƙirƙira don kansa, da kuma wurin da za a koma a ci gaba idan ya gama. Ana ɗora firam ɗin a kan na wanda ya yi kiran, kuma wannan tarin shi ake kira sitak. Yana kama da tarin takardu a kan tebur: wadda ke sama kaɗai ake aiki a kanta, kuma ba a komawa kan ta ƙasa sai an ɗauke ta sama. Sitak bai damu da cewa sunan mai kira da sunan wanda aka kira ɗaya ne ba, kowane kira sabon firam yake samu.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi, a harshen Python:

```python
def f(n):
    if n == 0:
        return 0
    print("A", n)
    r = n + f(n - 1)
    print("B", n, r)
    return r
```

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne riƙe `n` guda ɗaya a takarda. Ɗalibi zai rubuta 3 don `f(3)`, ya soke ya rubuta 2, ya soke ya rubuta 1, har ya kai 0, sa'annan idan ya zo layin da ke buga `B` sai ya duba takardarsa ya ga 0 ne ya rage, ya yi amfani da shi. Ana gane wannan kuskure nan take idan aka ga amsar tana ɗauke da `B 0`, domin kiran da `n` ɗinsa 0 ne bai taɓa isa wannan layin ba, tun a `return 0` ya fita. Gaskiyar magana ita ce babu layin da ya canza `n` a shirin nan ko sau ɗaya. `n - 1` lissafi ne da aka yi aka miƙa sakamakonsa ga sabon kira, kuma `n` ɗin `f(3)` yana nan 3 a firam ɗinsa tun daga farko har ya gama.

Gyaran shi ne a daina sokewa, a riƙa zana akwati ɗaya ga kowane kira, a rubuta a cikinsa sunan kiran, da ƙimar `n`, da layin da ya tsaya a kai tare da gurbin da ke jiran amsa. A kiran `f(3)`, `n` ba 0 ba ne, don haka a rubuta `A 3` a gefen da aka ware wa abin da ke fitowa a allo, sa'annan a rubuta `r = 3 + __` a cikin akwatin, a bar gurbin a buɗe. A zana akwati na biyu a ƙarƙashinsa don `f(2)`, a fitar da `A 2`, a bar `r = 2 + __`. Na uku, `f(1)`, ya fitar da `A 1` ya bar `r = 1 + __`. Na huɗu shi ne `f(0)`, wanda bai buga komai ba, ya dawo da 0. A wannan lokacin firam huɗu ne a kan sitak, kuma uku daga cikinsu ba su gama aikinsu ba.

A nan ne kuskure na biyu yake faruwa, wato ɗaukar sharaɗin tsayawa a matsayin ƙarshen shirin baki ɗaya. Wasu suna rubuta layukan `A` uku su ajiye alƙalami, wasu kuma su ce `f(3)` ya dawo da 0 tunda `return 0` ne suka fara cin karo da shi. Amma `return` firam ɗaya tak yake rufewa, kuma ƙimar da ya ɗauko tana zuwa ne gurbin da ke jira a firam ɗin da ya yi kiran. Saboda haka a ja layi a kan akwatin `f(0)`, a saka 0 a gurbin `f(1)`, `r` ya zama 1, a ci gaba daga layi na gaba, a fitar da `B 1 1`. Daga nan 1 ya shiga gurbin `f(2)`, `r` ya zama 3, a fitar da `B 2 3`. A ƙarshe 3 ya shiga gurbin `f(3)`, `r` ya zama 6. Cikakken abin da zai bayyana shi ne:

```
A 3
A 2
A 1
B 1 1
B 2 3
B 3 6
```

A lura cewa layukan `A` sun sauko daga 3 zuwa 1, na `B` kuma sun hau daga 1 zuwa 3, domin duk abin da aka rubuta kafin kiran yana gudana ne yayin da sitak ke girma, abin da aka rubuta bayan kiran kuma yana gudana yayin da yake raguwa. Wanda ya rubuta `A 3` sa'annan `B 3` a jere ya bar `f(3)` ya wuce layin kiran tun amsa ba ta dawo ba, abin da kwamfuta ba ta yi.

Akwai wata hanyar gaggawa da nake ganin ta fi cutarwa saboda takan ba da amsa daidai a tambayoyi masu sauƙi. Ɗalibi zai buɗe lissafin a layi ɗaya, 3 + 2 + 1 + 0, ya samu 6, ya ɗauka ya gane. Da tarawa ko ninkawa hakan ba ya nuna aibunsa, amma a mayar da layin ya zama `r = n - f(n - 1)` a gani. Mai gaggawa zai lissafa 3 - 2 - 1 - 0 daga hagu ya samu 0. Sitak kuwa daga ciki yake warwarewa: `f(1)` ya ba da 1 - 0, wato 1, `f(2)` ya ba da 2 - 1, wato 1, `f(3)` kuma ya ba da 3 - 1, wato 2. Idan har za a buɗe lissafi a layi ɗaya, to wajibi ne kowane kira ya shiga cikin bakansa, kamar haka: `3 - (2 - (1 - 0))`, a fara da na can ciki.

Abin ya fi ɗaurewa idan fankishin yana kiran kansa sau biyu a layi ɗaya, kamar na jerin lambobin Fibonacci:

```python
def fib(n):
    if n < 2:
        return n
    return fib(n - 1) + fib(n - 2)
```

A nan zanen da ya fi dacewa shi ne na bishiya mai rassa, sai dai bishiyar tana ruɗin ido, tana sa a yi zaton rassan biyu tare suke tafiya, a riƙa cika ta hawa-hawa. A Python da Java ana gama kiran hagu gaba ɗaya, da duk kiraye-kirayen da ke ƙarƙashinsa, kafin a taɓa na dama. Don `fib(4)` jerin kiran shi ne 4, 3, 2, 1, 0, daga nan `fib(2)` ya dawo da 1, a kira `fib(1)` na ɓangaren daman `fib(3)`, `fib(3)` ya dawo da 2, sai a lokacin ne `fib(4)` ya kira `fib(2)` nasa na dama, wanda shi ma zai sake kiran 1 da 0 daga farko, don bai san an taɓa yin wannan lissafin ba. Amsa ta ƙarshe 3 ce. Yana da kyau a sa wa kowane reshe lamba a daidai lokacin da aka kira shi, musamman idan akwai `print` a ciki. Harsunan C da C++ ba su ƙayyade ɓangaren da ake fara lissafawa a alamar tarawa ba, don haka idan tambayar da su aka rubuta, a bi daga hagu a kuma rubuta a takarda cewa a kan wannan zato aka yi aikin.

Daga wannan bishiyar ake yin tambayoyi biyu da ake yawan cuɗawa. Adadin kiran da aka yi duka a `fib(4)` shi ne 9, amma zurfin da sitak ya kai firam 4 ne kawai, na `fib(4)`, `fib(3)`, `fib(2)` da `fib(1)`, tunda ana ɗauke kowane firam da zarar ya gama. A `fib(5)` kira 15 ne, zurfi kuma 5. Adadin kira ana samunsa ta ƙirga dukkan akwatunan bishiyar, har da na sharaɗin tsayawa waɗanda ake yawan mantawa da su, zurfi kuwa ta ƙirga akwatunan hanya mafi tsawo daga sama zuwa ƙasa.

Masu tsara tambaya sukan kuma ba da shiri mai lahani da gangan, kuma kuskuren a nan shi ne ɗalibi ya gyara shi a zuciyarsa ba tare da ya sani ba, ya bi sawun abin da ya kamata a rubuta ya bar abin da ke gabansa. Idan aka cire `return r` daga misalinmu na farko, `f(1)` zai buga `B 1 1` ya koma hannu wofi, wanda a Python yake nufin `None`, sai `f(2)` ya yi ƙoƙarin tara 2 da `None`, shirin ya tsaya da `TypeError`. Amsar da ake nema ita ce layuka huɗun da suka fito, sa'annan a faɗi kuskuren da firam ɗin da ya faru a ciki.

Haka nan idan kiran ya zama `f(n - 2)` aka fara da 3, ƙimomin za su bi 3, 1, -1, -3, su tsallake 0, sharaɗin `n == 0` ba zai taɓa cika ba. Bai isa a rubuta cewa shirin zai yi ta gudana har abada ba, domin kowane kira yana ƙara firam kuma babu wanda ake ɗaukewa, sitak kuwa yana da iyaka. Python tana tsayar da shi da `RecursionError` idan zurfin ya kai iyakar da aka sa, wadda a bisa tsarin asali 1000 ce, Java kuma tana jefa `StackOverflowError`. Kafin a fara zana akwatuna, a ɗauki ƙimar farko a gwada ko matakin da ake ragewa da shi zai sauka daidai a kan sharaɗin tsayawa. Idan ba zai sauka ba, a nuna kira huɗu ko biyar na farko don a tabbatar da tsallakewar, a ambaci cikar sitak, kuma idan an nemi gyara a mayar da sharaɗin `n <= 0`.