Yadda ake gane ma'anar ginshiƙan jadawalin Excel da ba a sa musu suna ba

A ce wata ƙungiyar masu sayar da cimaka a Damagaram ta turo maka jadawalin Excel mai layi 300 da ginshiƙi shida, daga A zuwa F, babu suna a kan ko ɗaya, kuma ana so ka fitar da cinikin wata uku. Kada ka taɓa lissafi tukuna. Ka kwafi fayil ɗin ka ajiye na asali, sannan ka duba sunansa da sauran shafukan da ke ƙasa, ka kuma lura ko lambar layi ta fara daga 1. In daga 2 ko 3 ta fara, ɓoye layin sunayen aka yi, buɗe shi kawai za ka yi.

In babu, sai ka bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Ka saka sabon layi a sama ka rubuta haruffan A zuwa F a ciki, don kada Excel ya ɗauki layin farko na ciniki a matsayin suna. Sannan ka kunna matacin Excel, wato Filtrer a ƙarƙashin Données in na Faransanci ne, ka ga ƙimomi iri nawa kowanne ke ɗauke da su, wace ce ƙarama, wace ce babba.

A na ɗauke da 45659, 45666, 45673. Da yawa za su ce kuɗi ne, alhali kwanan wata ne. Excel na ƙirga kwanaki ne daga farkon shekarar 1900, don haka 45658 shi ne 1 ga Janairun 2025. Ka juya ginshiƙin zuwa Date courte, za ka ga 2, 9 da 16 ga Janairu, duk Alhamis. Tazarar kwana bakwai na nuna ranar kasuwa ce ake rubutawa, ba cinikin kullum ba. C kuwa lambobi ne masu alƙalami takwas, kamar yadda lambar waya take a Nijar. Lambar mai saye ce, ba a tara ta, kuma sirrin mutane ne, kada ka yaɗa.

Aikin gaske yana tsakanin D, E da F. D na tafiya daga 1 zuwa 40, E daga 120 zuwa 260, F kuma dubbai ne. Duk inda aka ga haka a takardar ciniki, abin da ya kamata a fara zato shi ne yawa, farashi da jimilla. Sai ka gwada a G2:

```
=F2/(D2*E2)
```

Ka ja shi har ƙasa. In zaton daidai ne, 1 za ka gani a kowane layi. A nan sai ga 5. Ɗauki layi guda: D 12, E 160, F 9600. Sha biyu sau 160 ya ba da 1920, ninki biyar ɗinsa kuwa 9600 ne cif. Wanda ya saba da kasuwar Dole ta Damagaram ya riga ya gane: farashin da dala aka rubuta shi, jimillar kuma da sefa, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. Dala 160 sefa 800 ke nan, kuma wannan ya fi kama da kuɗin tiya, ba na buhu ba, don haka D yawan tiyoyi ne. Da ka ɗauki E a matsayin sefa, da rahotonka ya karya farashin cimaka har sau biyar.

Layukan da ba su ba da 5 ba, kada ka goge su. Ka ware su ka duba. Wani ragi aka yi wa mai saye, wani kuskuren bugawa ne, wani kuma, in cinikin daga wajen Magariya ko Matamai ya fito, mai yiwuwa da naira aka rubuta. Haka in ka ga 999 ko 0 a gurbin farashi, galibi alama ce ta ba a samu bayani ba, kuma in ka bar ta sai ta lalata matsakaicin.

Saura B, mai ƙimomi huɗu kawai, 1 zuwa 4. Wannan alamar rukuni ce. Ka tace kowace lamba ka ga farashinta. In 3 ce kullum ta fi tsada, za ka iya zaton wake ne. Amma a ganina nan ne lissafi ya tsaya, domin hatsi da dawa farashinsu na kusa, kuma lambobin na iya zama na rumbuna ko na masu awo.

Sai ka buɗe sabon shafi, ka rubuta harafin kowane ginshiƙi, zatonka, hujjarka, da ko ka tabbatar. Sannan ka kira magatakardan ƙungiyar da tambaya ƙwara ɗaya mai kai: “Malam, a layi na 2, lamba 3 a ginshiƙin B wake ce ko wani rumbu?” Amsar da ya bayar ka gwada ta a wasu layuka goma kafin ka sa sunan a saman ginshiƙin.