Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta imel na neman gyaran sitetimen daga kamfanin da ake sarin kaya

Ƙarshen wata ya yi, kamfanin da kake sarin fenti a wurinsu ya turo sitetimen na watan Maris, ya ce ana binka naira 4,386,500. Ka buɗe littafinka ka ga 3,505,950. Tsakani akwai naira 880,550. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren farko, su rubuta wa ofishin akanta cewa lissafi bai yi daidai ba, a duba a gyara. Akantan da ya karɓi wannan saƙo yana riƙe da asusun kwastomomi masu yawa, kuma ba ka ba shi inda zai fara ba. Ko dai ya ajiye saƙon, ko ya sake turo maka sitetimen ɗin nan yadda yake. Aikin rarraba 880,550 ɗin naka ne, kuma sai ka gama shi kafin ka taɓa imel.

A ce ka zauna da takardun oda, da webil, da inbois, da shaidar biya ta banki, ka gano abu huɗu. Inbois mai lamba 2041, layi na 3, an rubuta bokitin fenti 40 a kan naira 28,000, alhali webil ɗin da mai kula da sito ya sa wa hannu ya nuna 36 aka sauke. Inbois 2057, layi na 1, galan 60 ne, an yi ciniki a kan 9,500 amma aka rubuta 10,200. Inbois 2063 na naira 215,000 ya fito sau biyu. Sannan naira 500,000 da ka tura ta banki ranar 28 ga Maris ba ta bayyana ba sam.

Kuskuren da ya fi ɓata lokaci shi ne mantawa da harajin VAT. Bokiti 4 a kan 28,000 sun kama 112,000, mutum ya rubuta wannan adadin ya tura. Amma an ɗora kashi 7.5 cikin 100 a kan kayan, wanda shi ne ƙa'idar Najeriya tun watan Fabrairun 2020, don haka abin da za a rage shi ne 112,000 da 8,400, wato 120,400. Haka farashin galan: rarar naira 700 sau 60 ta ba da 42,000, harajinta 3,150, jimla 45,150. Idan ka bar harajin, za a yi gyara a turo, ka tarar da naira 11,550 na nan rataye, wata biyu gaba kowa ya manta asalinta. Alamar an yi wannan mantuwa ita ce ragowar da ta ƙi tafiya ta zo daidai da kashi 7.5 na abin da aka rage. Kafin ka tura, tara komai: 120,400 da 45,150 da 215,000 da 500,000. Sun ba da 880,550 cif. In da saura ko ta naira ɗari ce, akwai abin da ba ka gano ba tukuna.

Wani kuskuren, kuma shi na fi so a kula da shi: neman a gyara sitetimen kawai. Sitetimen ba takarda ba ce da ake gyarawa da hannu, abin da ke cikin asusunka a littafin kamfanin ne yake fitowa. Muddin ba a taɓa littafin ba, ko an turo maka gyararre yau, na wata mai zuwa zai dawo da tsohon bashin. Kowane irin kuskure da maganinsa. Ƙarin adadi da ƙarin farashi, kiredit not ake nema, takardar da ke rage kuɗin inbois kuma ta ambaci lambarsa. Inbois da aka shigar sau biyu, soke shigarwa ɗaya za a yi. Kuɗin da ka biya, a nemo shi a shigar a asusunka. Sau da yawa yana nan a wurinsu ba a san mai shi ba, musamman in an tura daga asusun da ba sunan shago ne a kai ba. Saboda haka ka ba da rana, da adadi, da sunan asusun da kuɗin ya fito, da lambar shaidar banki. Kuma in aka ce za a sake buga inbois 2041 da adadi 36 a lamba ɗaya, ka nemi kiredit not a maimakonsa. Inbois biyu masu lamba ɗaya da kuɗi daban-daban sukan zama rigima ranar da masu binciken kuɗi ko jami'an haraji suka zo.

Akwai kuma abin da ba kuskure ba ne amma ake kai ƙararsa. Da ranar 2 ga Afrilu ka tura 500,000 ɗin, sitetimen da aka rufe ranar 31 ga Maris ba zai nuna ta ba, kuma babu laifin kowa. Duba ranar rufewa tukuna. Haka in ka cire harajin da doka ta ce a riƙe daga kuɗin mai kaya kafin ka biya, gibin zai ci gaba da fitowa a matsayin bashi har ka tura musu shaidar ka miƙa shi ga hukuma.

Ga yadda saƙon zai kasance. A kan taken imel: sunan shagonka, lambar asusunka a wurinsu, da “sitetimen na 31 ga Maris, bambancin naira 880,550”. A ciki:

“Assalamu alaikum, Malam Akanta. Da fatan kana lafiya, ya aiki? Mun karɓi sitetimen na 31 ga Maris mai nuna 4,386,500. Littafinmu ya nuna 3,505,950. Ga inda bambancin yake. Inbois 2041, layi na 3: an rubuta bokiti 40, an sauke 36, webil na haɗe; muna neman kiredit not na 120,400 har da VAT. Inbois 2057, layi na 1: an rubuta 10,200 maimakon 9,500 a kan galan 60, takardar oda na haɗe, kiredit not na 45,150 har da VAT. Inbois 2063 na 215,000 ya shiga sau biyu, a soke ɗaya. Biyan 500,000 na 28 ga Maris bai fito ba, shaidar banki na haɗe. Babu jayayya a kan 3,505,950, za mu biya a kan lokacin da aka saba. Don Allah a turo mana kiredit not ɗin biyu da sabon sitetimen kafin ranar Alhamis, 10 ga Afrilu. Mun gode, Allah ya taimaka.”

Jimlar da ke cewa za a biya abin da babu jayayya a kai tana da amfani ƙwarai. Wasu kan riƙe kuɗin gaba ɗaya har sai an gyara, sai kamfani ya dakatar da ba su kaya bashi a kan 880,550, alhali miliyan uku da rabi ba wanda ya musanta su. Kuma ka guji kalaman zargi irin su an cuce mu. Akanta ba shi ya loda mota ba, ba shi ya yanke farashi ba. Yawanci sai ya samu amincewar sashen sayarwa kafin ya fitar da kiredit not. Shi ya sa ya kamata ka sa wakilin da ya karɓi odarka a kwafin saƙon, maimakon ka tura wa wakilin shi kaɗai ta WhatsApp kana jiran ya isar.

Takardun da za ka haɗa, kowace ka sa mata sunan inbois ɗinta, hoton webil kuma ya fito da sa hannu da wurin da aka rubuta 36. Idan sabon sitetimen ya iso, kada ka tsaya ga jimlar ƙasa. Nemi lambobin kiredit not biyun a cikinsa, ka tabbata 2063 sau ɗaya ya rage, 500,000 kuma ta shiga da ranar 28 ga Maris, sannan ka shigar da lambobin kiredit not ɗin a naka littafin.