Kafin ka amsa saƙon "an ɗauke ka aiki"

'Yan uwa masu neman aiki, idan imel ya shigo wai wani banki ya ɗauke ka, fara duba adireshin mai aikowa, ba sunan da ke sama ba. Suna kowa na iya rubutawa. In ka ga ya ƙare da @gmail.com, ko an sauya harafi ɗaya a sunan bankin, ka yi hattara. Bare kuma a ce ka tura dubu goma kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin intabiyu, wai yau za a rufe. Ma'aikatar kirki ba ta karɓar kuɗin ɗaukar aiki.

Kada ka latsa komai a ciki, kada ka tura BVN ko lambar OTP. Shiga shafin bankin da kanka, ka ɗauki lambar wayarsu ka tambaya. In sun ce ba su san zancen ba, danna Report spam, kada ma ka amsa.